Jika ashirin da hanyar da ta haife su

Ƴan uwana mata, ranar da muke fasa asusu a ƙungiya ba a cika yin gardama mai tsawo ba. Ana shimfiɗa tabarma, masu makulli su buɗe akwati gaban kowa, a zube kuɗi, masu ƙirga su ƙirga da ƙarfi, mai rubutu ta karanta abin da ke cikin kaye. Wadda ba ta iya karatu ba ma tana gani da idonta. Tun da aka soma tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi cikin 1991, wannan ƙirga ta bainar jama'a ce ke riƙe da amana tsakaninmu.

Amma da yawa cikinmu yanzu suna da wata sana'a a gefe, wadda suke yi da kuɗin wata ƴar uwa da ke nesa, Yamai ko Agadas ko Kwanni. Ita wannan abokiyar sana'a ba ta zaune bisa tabarma. Ba ta ga buhun da aka saya ba, ba ta ga iccen da aka ƙona ba. Abin da ke isa gare ta kawai shi ne kuɗin da aka aika da ɗan saƙon da ya raka su. Ni dai abin da na gani cikin shekarun da na yi ina shugabantar ƙungiya shi ne, wannan saƙo shi ne tabarmarta. In bai nuna mata yadda aka kai ga adadin ba, an bar ta ta yi lissafi da zato.

Tun da na yi karatun yaƙi da jahilci, mata kan kawo mini saƙonsu in duba kafin su aika. Zan ba ku labarin guda ɗaya, da yardar mai shi, ba tare da suna ba.

Wata ƙanwata ce a ƙungiya, mai tatsar man gujiya da yin ƙuli-ƙuli. Ɗiyar kawunta, wadda take kira Yaya, tana aure a Yamai. Da kaka ta yi, suka haɗa jari: Yaya ta sa 150.000 F, ita ta sa 50.000 F, uwar kuɗi ta zama 200.000 F. Suka shirya cewa riba za a raba ta biyu daidai, don Yaya ta fi sa kuɗi, ita kuwa ƙanwata ita ce mai aikin duka, daga suya har kai kaya kasuwa. Bayan wata uku, Nuwamba zuwa Janairu, lokacin rabo ya yi. Ta zo gidana da talho a hannu, ta nuna mini abin da ta sa ɗiyarta ta rubuta:

«Yaya ina wuni. An raba riba, naki ashirin ne, zan aiko. Kasuwa ce sai a hankali. Ki yi haƙuri.»

Na san yarinyar nan, ba ta cin tamma ɗaya ta wani. Ashirin ɗin da ta faɗa kuma, da muka yi lissafi, daidai take. Amma na ce mata ta zauna, mu karanta saƙon kamar mu ne Yaya.

Na ce, «Ashirin na mi?» Ta yi dariya ta ce, «Shugaba, jika mana.» Na ce ita ta san haka, amma saƙon bai faɗa ba. Mu nan muna da ƙirga iri biyu a baki ɗaya. A kasuwa da dala muke magana, dala ɗaya 5 F, jika kuwa 1.000 F, wato dala 200. A takarda da gidan aika kuɗi kuma sefa ake rubutawa. Shi ya sa 20.000 F, wata za ta ce jika ashirin, wata ta ce dubu huɗu, tana nufin dala. In mutum ya ce «dubu ashirin» a murya, mai ji da kunnen dala za ta ɗauka 100.000 F ne, ta je karɓa ta tarar da kashi ɗaya cikin biyar. Don haka abu na fari da muka gyara: kowane adadi a rubuta shi da lamba da F a bayansa, babban adadi kuma a ƙara faɗarsa da jika.

Na biyu, na tambaye ta ko kasuwa ta ɓaci da gaske. Ta ce a'a, an yi ciniki, kunya ce ta sa ta faɗi haka, don tana ganin jika ashirin ba su da yawa ga wadda ta ba da jika ɗari da hamsin. Wannan ɗabi'armu ce, mukan ba da haƙuri kafin a ce mun yi laifi. Sai dai a maganar kuɗi, haƙurin da ba a faɗi dalilinsa ba shi ke haifar da zargi. Yaya tana da dangi a garinmu, za ta ji cewa ƙanwarta kowace ranar kasuwa tana sayar da mai har ya ƙare. In ta haɗa wannan da «kasuwa sai a hankali», mi za ta ce a ranta? Muka cire wannan layi gaba ɗaya.

Daga nan muka buɗe kayenta. Allah ya sa tana rubutawa, ko da ba a jere ba. Muka ware shafi biyu, ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita.

Cikin wata ukun ta sayi buhu 8 na ɓararriyar gujiya, kowane 45.000 F, jimilla 360.000 F. A nan na tsayar da ita, don na san Yaya za ta tsaya a nan ita ma: yaya aka sayi kayan 360.000 F da jarin 200.000 F? Amsa ita ce ba a lokaci guda aka saya ba. Ana sayen buhu biyu ko uku, a tatse, a sayar, a koma a saya da kuɗin cinikin. Mai sana'a ta san wannan kamar tafin hannunta, har ba ta ganin abin faɗa ne. Wadda ke nesa kuwa, in ba a ce mata kuɗin juyawa suke ba, sai ta ɗauka an ci bashi da sunanta. Kalma huɗu sun isa a rufe wannan ƙofa.

Sauran abin da ya fita: niƙa a inji 16.000 F, icce 12.000 F, mata biyu masu taya suya da murza 20.000 F, mato da kuɗin wuri a kasuwa 12.000 F. Da gujiya, duka ya kama 420.000 F.

Gujiyar ta ba da mai lita 240. An sayar da lita 220 a kan 1.400 F, wato 308.000 F, saura lita 20 a bido. Ƙuli-ƙuli ya kawo 190.000 F. Ciniki duka 498.000 F. Amma cikin wannan akwai 18.000 F da ba su shigo hannu ba, bashi ne wurin wasu masu sayar da abinci su biyu. Kuɗin da aka karɓa da gaske 480.000 F ne.

To a nan ne ake yawan samun saɓani, don riba tana iya fitowa kala biyu. In ka ƙirga bashi da man da ke bido kamar sun zama kuɗi, riba ta wuce jika ɗari. In ka tsaya ga abin da ke hannu, 480.000 F a cire 420.000 F, saura 60.000 F. Ƙanwata da na biyun ta yi aiki, kuma ni ma shi nake ba mata shawara. Kuɗin da ba su shigo ba, ba a raba su, don in aka raba, daga uwar kuɗi za a ɗiba, jari ya rame ba wanda ya lura. Amma ba a ɓoye su kuma. Saƙo ya kamata ya ce ga bashi kaza, ga kaya kaza, na mu biyu ne, za su shiga rabo na gaba. In ba a faɗa ba, ranar da Yaya ta ji akwai lita ashirin a ɗaki, za ta ɗauka ƙanwarta ta ware ma kanta ne.

Rabin 60.000 F shi ne 30.000 F. Me ya mai da su ashirin? Cikin Disamba Yaya ta kira ta ce a ba wata ƴar uwa 10.000 F gudummawar biki da sunanta, a cire cikin rabonta. Ƙanwata ta ba da, ta rubuta. Na ce mata, wanda ya ba da kuɗi shi ke tunawa, wanda aka ba don shi yakan manta, ba don mugunta ba. Ta ce tana jin nauyin tuna ma Yaya, kamar gori ne. Na ce gori shi ne a faɗa gaban mutane. Layi ɗaya cikin lissafi, da wata da dalili, taimako ne gare ta, don ta gane ina jika gomanta suka tafi.

Akwai kuma maganar kason kansa. Wata uku sun wuce da aka yi shiri, kuma da baki aka yi shi. A Yamai wani zai iya ce ma Yaya, «Ke kika sa kashi uku cikin huɗu na jari, ai naki 45.000 F ne.» In aka bi kuɗi kaɗai, lissafinsa daidai ne. Amma ba haka suka shirya ba. Don haka saƙo ya sake faɗin sharaɗin a taƙaice, ya kuma nuna cewa ƙanwata ba ta cire ma kanta ladan aiki ba cikin abin da ya fita, rabin riba shi ne ladanta. Wanda ya ɗauki lada kuma ya ɗauki rabi ya ci sau biyu, sai fa in tun fari an yarda da hakan.

Kafin mu rubuta komi, na sa ta yi abin da muke yi a ƙungiya: ta ɗauko gwangwanin kuɗin sana'a ta ƙirga gabana. In lissafi gaskiya ne, ya kamata a samu uwar kuɗi 200.000 F, da riba 60.000 F, a cire 10.000 F na biki, wato 250.000 F. Ta ƙirga sau biyu, jika ɗari biyu da hamsin cif. Wannan ita ce shaidar da ta fi kowace. Kaye yana iya kuskure, hannu yana iya mantuwa, amma in abin da kaye ya ce da abin da ke gwangwani sun haɗu, da wuya a ce akwai ɓaraka.

Ga saƙon da muka aika:

«Yaya ina wuni, ina gajiya, yaya yara da mai gida? Ga lissafin sana'armu na wata uku, Nuwamba zuwa Janairu. Rabonki da zan aiko 20.000 F ne (jika ashirin). Ga yadda aka samu.

Abin da ya shigo hannu: mai da ƙuli-ƙuli 480.000 F.
Abin da ya fita: gujiya buhu 8, 360.000 F (kaɗan-kaɗan aka saya, kuɗin suna juyawa). Niƙa 16.000 F. Icce 12.000 F. Masu taya aiki 20.000 F. Mato da kasuwa 12.000 F. Duka 420.000 F.
Riba: 480.000 F a cire 420.000 F, saura 60.000 F.
Kamar yadda muka shirya, rabi-rabi, ban cire ladan aikina daban ba: ke 30.000 F, ni 30.000 F.
An cire 10.000 F na gudummawar biki da kika ce a bayar cikin Disamba. Saura 20.000 F.

Abin da ba a raba ba tukuna, na mu biyu ne: bashi 18.000 F wurin mutum biyu, da mai lita 20. Za su shiga rabo na gaba.
Uwar kuɗi 200.000 F tana nan cif, naki 150.000 F, nawa 50.000 F, na ƙirga yau.
Kuɗin aikawa ni zan biya. Ga hoton kaye. Ki duba, in akwai inda ba ki gane ba ki tambaye ni kafin in aika ranar Litinin. Ki gaishe da mutanen gida.»

Ku lura da jerin. Bayan gaisuwa, adadin ne ya fara zuwa, don shi take jira. In aka ɓoye shi can ƙasa, za ta tsallake komi ta je nemansa, kuma ta ga kamar ana ta kewaye-kewaye ne don a rage mata zafi. Sa'an nan matakan suka biyo, kowane a layinsa, ta yadda ita ko ɗanta ɗan lakkol zai ɗauki biro ya sake lissafin ya faɗa kan jika ashirin. Wannan shi ne ma'aunin da nake auna kowane saƙo da shi: in na ba wadda ba ta san sana'ar ba, za ta iya fitar da adadin da kanta? In akwai inda za ta tsaya ta ce «wannan daga ina?», to saura gyara.

Ku lura kuma ba mu zuba mata komi da komi ba. Kayen yana da shafi fiye da goma, da cinikin kowace rana. Saƙo ya ɗauki jimillar kowane iri ne kawai, shafukan kuma suka tafi a hoto, ga mai son bi dalla-dalla. In lambobi suka yi yawa, mai karatu takan gaji ta daina bi, sai a koma gidan jiya, ta yarda ko ta ƙi yarda ba tare da ta gane ba.

Sai maganar aika saƙo kafin kuɗi. Ƙanwata ta so ta tura kuɗin a ranar, ta huta. Na ce ta bari kwana biyu. In kuɗi suka riga bayani isa, duk tambayar da Yaya za ta yi sai ta zama kamar ƙorafi, ita ma za ta ji nauyin yi, ta haɗiye. In bayani ya riga, tambaya tambaya ce kawai.

Da yake Yaya ta fi son murya, ƙanwata ta ƙara saƙon murya ta WhatsApp, ta karanta abin da aka rubuta, da jika daga fari har ƙarshe, ba ta sa dala ko sau ɗaya ba. Murya tana kai ladabi da zumunci inda rubutu ba ya kaiwa. Rubutu kuwa shi ake komawa a duba bayan wata shida, in magana ta tashi. Kowane da aikinsa.

Washegari Yaya ta amsa. Tambaya biyu ta yi. Ta fari, su wa ke da bashin nan, kuma in ba su biya ba wa zai ɗauka? Wannan ba su taɓa shirya shi ba. Suka yi magana, suka tsaya kan cewa wannan karo in ya ɓace asarar ta su biyu ce, amma daga yanzu bashin da ke waje kada ya wuce 10.000 F sai an sanar da ita. Ta biyu, ta ce kuɗin mato sun yi mata yawa, ko za a riƙa haɗa kaya da wata a raba kuɗin? Kun ga, tambayoyin mai sana'a ne, ba na mai zargi ba. Da saƙon fari aka aika, da ba ta da abin kamawa ta yi tambaya, sai dai ta ce «to, na gode», a kwana biyu ta ce tana bukatar uwar kuɗinta don wata lalura. Na ga haɗin jari da dama sun mutu ta haka, ba faɗa ba zagi, kuma har gaisuwar salla ta yi sanyi tsakanin gida biyu.

Amma kada mu ɗora ma saƙo abin da ba zai iya ba. Saƙo mai kyau daga kaye yake fitowa. Wadda ba ta rubuta komi ba wata uku, ba ta da layukan da za ta jera. Abin da ya rage mata shi ne ta ƙirga kuɗin hannu, ta cire uwar kuɗi, ta ƙara abin da kowace ta riga ta ɗauka, ta ce ga abin da ya saura, kuma ta faɗa a fili cewa ta ƙirga ta samu adadin, ba ta rubutu ba. Kada ta ƙago kuɗin icce da na niƙa don saƙo ya yi kyau, don lambar da aka ƙago ba a iya maimaita ta daidai in an sake tambaya.

In kuma kaye da gwangwani ba su haɗu ba, kada a aika komi sai an nemi giɓin. Wurare uku nake fara dubawa. Na ɗaya, kuɗin cefane da aka ɗiba daga na sana'a ranar da gida ba komi. Na biyu, man da aka zuba ma tukunyar gida ko aka ba baƙo, wanda ba a rubuta ba don ba a ɗauke shi ciniki ba. Na uku, bashin da aka biya aka manta ba a soke ba, ko wanda aka bayar ba a rubuta ba. Abin da aka ci a gida daga kayan sana'a, ana sa masa kuɗi a cire cikin rabon mai aiki, kamar yadda aka cire na biki cikin rabon Yaya. Ma'auni ɗaya ne ga kowa. In an bincika giɓin bai fito ba, shi ma layi ne cikin saƙo, da adadinsa, su biyu su yanke yadda za a yi da shi.

A ƙungiyarmu yanzu, duk mai haɗin jari da wata takan ware shafin ƙarshe na kayenta ta rubuta kawunan layuka bakwai, ta bar gurbin lambobi: abin da ya shigo, abin da ya fita, riba, kason da aka shirya, abin da kowace ta riga ta ɗauka, abin da ba a raba ba, da uwar kuɗi. Ranar rabo sai cikewa. Waɗanda ba su yi karatu ba, mai rubutun ƙungiya ke cike masu bayan taro, su kuma su faɗa da murya. Wadda rabonta ya matso cikinku, ta zo da kayenta da gwangwaninta taro mai zuwa, a ƙirga tare kafin ta taɓa talho.